An kulle maka asusu? Canza kalmar sirri rabin aiki ne

1/ Jama'a, ni a ganina idan Google ya kulle maka asusu saboda wani ya yi ta ƙoƙarin shiga, gata ya yi maka. Inda ake tafka asara shi ne bayan an buɗe: mutum ya canza kalmar sirri ya ce shi kenan. Ba shi kenan ba ne. 🧵

2/ Da farko, kada ka taɓa linkin da ya zo cikin saƙon "an kulle asusunka". Ɓarayi ma irin saƙon nan suke turawa. Rubuta `g.co/recover` da hannunka, a wayar da ka saba shiga da ita, don Google ya fi saurin yarda kai ne.

3/ Sabuwar kalmar ta zama sabuwa da gaske. Ƙara 1 a bayan tsohuwa ba canji ba ne. Sau da yawa ɓarawo ba tsafi ya yi ba: kalmar da kake sawa ko'ina ce ta fita daga wani shafi, sai ya gwada ta a imel ɗinka.

4/ Yanzu ga sauran rabin. Canza kalma yana fitar da yawancin na'urori, amma ba duka ba. Shiga `myaccount.google.com`, danna Security, sai Your devices, sai Manage all devices.

5/ A ce ka ga guda 3: Tecno ɗinka, kwamfutar Windows ta shagon da ka yi rajistar kwas, da iPhone alhali ba ka taɓa riƙe iPhone ba. Ta farko taka ce. Sauran biyun ka danna Sign out, ba shawara.

6/ Kada sunan gari ya ruɗe ka. Kana Zariya da datar waya, yana iya nuna Legas, saboda da adireshin intanet ake kintata wurin. Samfurin na'ura da lokacin shiga su ne abin dubawa.

7/ Sai Recovery phone da Recovery email. Idan ɓarawo ya sa lambarsa a nan, gobe zai iya cewa ya manta kalma a turo masa lambar shiga. Tsohon layin da ka daina amfani da shi ma ka cire, kamfani na iya ba wani shi.

8/ Leƙa Gmail a kwamfuta: Settings, sai Forwarding and POP/IMAP. Idan ka ga baƙon adireshi, kwafin wasiƙunka ke tafiya can ko da ka canza kalma.

9/ Kunna 2-Step Verification. Wasu za su ce "idan wayata ta ɓace fa?" Gaskiyarsu. Shi ya sa akwai Backup codes guda 10. Rubuta su a takarda, ka ajiye a gida.

10/ Imel ɗin nan shi ne mabuɗin Instagram, X da fotal ɗin makaranta. Duk inda ka sa tsohuwar kalmar, canza ta yau. Tura wa abokinka mai kalma ɗaya tun sakandare.