Tikiti Ba Kujera Ba Ne

Mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun mun saba da al'adar tasha: in ka biya kuɗin mota, ko ka je salla kwandasta zai jira ka. Wannan sabo shi ke cutar da mu ran da aiki ko karatu ya kai mu filin jirgin saman Sultan Abubakar III a Sakkwato. Tikitin jirgi alkawari ne kawai. Kujera ba ta zama ta mutum sai ya yi rajistar shiga, an ba shi takardar shiga jirgi.

A yau yawancin kamfanoni suna buɗe wannan rajista ta intanet awa 24 kafin tashi, su rufe ta awa ɗaya ko biyu kafin lokaci. Rufewar kuwa tana da dalili. Tilas ne a ƙidaya fasinja, a auna kaya, a lissafa yadda nauyi zai zauna cikin jirgi, matuƙi ya sa hannu kafin a tashi.

Mu ɗauki misalin wani akawu daga Maradun da jirginsa na Abuja zai tashi ƙarfe 2 na ranar Laraba. Tun ƙarfe 2 na ranar Talata ƙofa a buɗe take. Lambar ajiyar wuri mai harafi shida da sunansa na ƙarshe kaɗai zai shigar a waya, ya zaɓi kujera. Idan ya yi sakaci, waɗanda suka riga shi sun kwashe na taga da na gaba, sai ta tsakiya. Idan kuma shingayen bincike suka riƙe shi a hanya, ya tarar an rufe kanta, sai a rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba, ya biya tara da cikon kuɗin sabon tikiti. A Turai abin ya fi tsanani: kamfanin Ryanair yakan karɓi Yuro 55 daga wanda ya bar rajistarsa sai a kanta.

Sai dai mu yi hattara da abu biyu. Rajista ta waya ba ta ɗauke wa mai akwati zuwa kanta a kan kari ba. Haka kuma ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara. Saboda haka a ajiye hoton takardar cikin waya, ko a buga ta tun a gida.

Kiranmu ga kamfanoni shi ne su rubuta wa'adin da tarar ɓaro-ɓaro a fuskar tikiti, har da Hausa. Mu kuwa, 'yan'uwa, mu yi rajista tun jajibirin tafiya, domin in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana.