Firebase ko uwar garken kanka? Fara da lissafin karatu

Duk wanda ya fara haɗa manhajar waya zai zo kan wannan tambaya: a ina bayanan masu amfani za su zauna? Ko dai ka jingina da Firebase na Google, ko ka yi hayar uwar garke ka kula da ita da kanka. Ra'ayina shi ne, idan manhajarka ƙarama ce kuma kai kaɗai ne, ka fara da Firebase. Amma kafin nan ka zauna ka lissafa sau nawa manhajar za ta karanta bayanai a rana, domin a nan ake faɗuwa.

Rumbun bayanai na Firestore yana cajin kuɗi ne a kan kowane rikodi da aka karanta ko aka rubuta. A tsarin kyauta mai suna Spark, kana da karatu 50,000 da rubutu 20,000 a kowace rana.

Mu ɗauki manhajar adashi mai mutum 200. Kowa yana buɗe ta sau 3 a rana, kuma duk buɗewa tana ɗauko rikodi 50 na zubi. Karatu 30,000 ke nan, kana cikin kyauta. To bayan wata shida tarihin zubin ya kai rikodi 500, kuma manhajar tana kwaso shi gaba ɗaya duk lokacin da aka buɗe. Yanzu karatu ya zama 300,000, ninki shida na abin da aka ba ka, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba. A Spark, manhajar za ta daina samun sababbin bayanai har sai an sabunta kason, wanda yakan faɗo wajen ƙarfe 8 ko 9 na safe agogon Najeriya. A tsarin biya mai suna Blaze kuwa aiki zai ci gaba, kuɗi kuma na hawa da dala. Ka sani cewa saƙon gargaɗin kasafi sanar da kai kawai yake yi, ba ya tsayar da cajin.

Gyaran bai kai ga canza gida ba. Ka riƙa ɗauko rikodi 20 na baya-bayan nan kawai:

```
query(collection(db, "zubi"), orderBy("rana", "desc"), limit(20))
```

Sannan ka ajiye jimillar kuɗin kowa a rikodi ɗaya da ake sabuntawa duk lokacin da aka yi zubi. Da wannan karatu ya sauko kusan 12,600 a rana. Shafin `Usage` na Firestore zai nuna maka adadin. Idan yana hawa alhali mutane ba su ƙaru ba, akwai inda kake kwaso abin da ba a buƙata.

Masu goyon bayan uwar garken kai suna da hujja mai ƙarfi. Da kusan dala 5 ko 6 a wata za ka samu ƙaramar VPS, kuɗin kuma ba ya motsi ko an karanta sau miliyan. Suna kuma tuna mana da Parse, wanda Facebook ya rufe a farkon 2017, masu manhajoji suka shiga neman inda za su koma. Gaskiya ne, zama a gidan wani yana da haɗarinsa.

Sai dai abin da dala 6 ke saya maka na'ura ce babu komai a kanta. Kai za ka rubuta tsarin shiga da kalmar sirri, kai za ka riƙa sabunta tsaro, kai za ka tabbatar takardar HTTPS tana sabuntuwa kafin wa'adinta ya cika, kai za ka ajiye kwafin bayanai a wani wuri kuma ka gwada dawo da shi. Idan ta tsaya ƙarfe biyu na dare, babu mai tayar da ita sai kai. Akwai kuma batun netwok. Firestore a Android yana ajiye bayanai a cikin wayar, mutum ya rubuta zubinsa ba netwok, a tura da kansa idan ya dawo. Gina irin wannan da hannu aikin makonni ne, kuma ga mai amfani da ke kasuwar ƙauye shi ne bambancin manhaja mai aiki da marar aiki.

Yaushe ya kamata ka koma uwar garken kanka? Idan ka rage karatu iya ƙoƙarinka amma cajin wata-wata ya zarce kuɗin VPS sosai, ko kuma aikinka ya koma na rahotanni masu haɗa tebura da yawa, irin wanda PostgreSQL ya fi ƙwarewa a kai. Domin ranar ta zo da sauƙi, tun yau ka tattara duk lambobin da ke magana da Firebase a fayil ɗaya, kada ka warwatsa su a kowane shafi na manhajar.

Abu na ƙarshe: kada ka saki manhaja ƙa'idojin tsaronta suna kan `test mode`. Cikin kwana 30 na farko kowa na iya karantawa da goge bayanan mutanenka, bayan nan kuma ƙofar ta rufe wa kowa, har da masu amfani da manhajar.