Ba ƙarin kuɗi tallar littafinmu ke buƙata ba

'Yan'uwa marubuta, wata shawara ta zama ruwan dare a tsakaninmu: wai idan tallar littafi a Fesbuk ta daina kawo masu saye, a ƙara mata kuɗi. Ba mu yarda ba. Sau da yawa kuɗin da aka ƙara mutanen jiya yake sake bi.

A ce marubuciya a Bilbis ta biya talla, ta zaɓi Tsafe, Gusau da Bungudu kaɗai. Bayan mako biyu ta buɗe Ads Manager, ta tarar Reach, wato mutanen da tallar ta riska, 3,000 ne. Impressions, wato sau nawa aka nuna ta, 18,000. Raba 18,000 gida 3,000, shida ke nan. Wannan shi ne Frequency: a matsakaicin lissafi, kowane mutum ya ga bangon littafin sau shida.

Masu cewa maimaici ke sa a tuna suna da gaskiyarsu, amma mu duba mako-mako. Idan Reach ya tsaya cak, Frequency na hawa, saƙonnin masu tambayar farashi na raguwa, kuɗin kowane saƙo na ƙaruwa, to an gundure su.

Maganin shi ne a zaɓi manufar Awareness, a sa Frequency cap, misali sau biyu cikin kwana bakwai. Ko a sauya hoton, ko a ƙara Funtuwa da Ƙauran Namoda. Wanda ya ƙi saye a gani na shida, na goma ba zai buɗe aljihunsa ba.