Kalmar "Garanti" Ita Kaɗai Ba Ta Wadatar

Mai sayar da wayoyin hannu na gwanjo a kasuwar Farm Centre da ke Kano yakan rubuta a tallarsa: "Akwai garanti." A ganina, wannan gajeriyar magana ita ce mafarin yawancin rigimar da ke biyo bayan ciniki. Mai saye ya ɗauka ko wayar ta faɗa ruwa za a canza masa, shi kuwa mai kaya batir da caji kawai yake nufi.

Mafita ita ce tallar ta amsa tambayoyi uku: kwana nawa, wace matsala, kuma me za a yi. Misali: "Garantin kwana 7 daga ranar da aka karɓi waya. Idan ta ƙi yin caji ko ta daina kama layi, za mu gyara. In gyara ya gagara, mu canza ko mu mayar da kuɗi. Ban da fashewar gilashi, shigar ruwa, ko wayar da wani mai gyara ya buɗe."

Sannan a rubuta lambar IMEI a kan rasit, wadda ake gani idan an danna *#06#. Da ita ake gane ko wayar da aka dawo da ita ce aka sayar. In an taɓa canza gilashi, a faɗa a tallar, domin aibin da aka bayyana kafin ciniki ba ya zama hujjar mayarwa, amma wanda aka ɓoye, sharaɗin "ba a mayarwa" ba zai wanke mai shi ba.