Dalilin da ya sa manhajojin AI ke tuntuɓe a lissafi

Ma'aikacin tarayya da ke zaune a Bagama, cikin Suleja, yana iya sa ChatGPT ya tsara masa wasiƙa mai kyau, amma a samu kuskure idan ya ba shi lissafin fansho. Dalilin yana cikin ginin manhajar.

Irin waɗannan manhajoji ba sa karanta rubutu harafi bayan harafi. Sukan datsa shi gutsure-gutsure, kowane gutsure da lambarsa, sannan su yi hasashen wanda zai biyo baya. Kalmar "Bagama" na iya shiga a matsayin gutsure biyu ko uku, don haka harafin "a" guda uku da ke cikinta ba sa bayyana ɗaya bayan ɗaya. Haka ake datsa dogayen lambobi, sai amsa ta fito da kamar gaskiya alhali alƙaluman tsakiyarta sun kauce.

Maganin shi ne manhajar ta rubuta umarni, kwamfuta ta aiwatar. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100. Idan kuɗin da ake cirewa a kai naira 187,456 ne:

```
print(187456 * 8 / 100)
print("Bagama".count("a"))
```

Amsa ita ce 14996.48 da 3, ko sau nawa aka maimaita.

Sai dai umarnin ba ya gyara lambar da aka shigar bisa kuskure. Kafin alƙaluma su shiga takardar ofis, wajibi ne jami'i ya buɗe umarnin, ya tabbata an aiwatar da shi, ya kuma gwada lambobin da takardar albashi.