Kana son babba ya nuna maka hanya? Kada ka zame masa kaya

Akwai koken da ake yawan ji daga matasanmu da suka zo neman abinci a nan kudu, cewa manya ba sa taimako, wanda Allah ya ɗaga ba ya waiwayen na baya. Idan kuma ka zauna da manyan, sai ka ji nasu koken: wayarsu ba ta hutawa, kowa na cewa a taimaka masa, amma ba wanda ya faɗi takamaiman abin da yake so. Ni ra'ayina shi ne, yawancin ƙofofin da muke cewa an rufe mana, yadda muke ƙwanƙwasa su ne ya sa ba a buɗe ba. Zan ɗauki harkar albasa a kasuwar Mil 12 ta Legas a matsayin misali, amma mai goro a Shagamu da mai gwari a Fatakwal za su ga kansu a ciki.

Mu fara da yadda abin yake a da. A Sabon Badun, mai bincike Abner Cohen ya zauna da Hausawa, ya kuma fitar da littafi a 1969 inda ya bayyana yadda maigida yake a cinikin goro da shanu. Shi ke saukar da fatake, ya ba su masauki da wurin ajiya, ya tsaya musu idan an ba da kaya bashi. Yaransa suna koyon sana'a ne a cikin hidimarsa, suna rakiyar baƙo, suna kai saƙo, suna karɓo kuɗi, kunnensu na jin yadda ake ciniki. Yaro yana biyan ilimin da guminsa, saboda haka koyarwar ba ta cin lokacin maigida, tana ma rage masa aiki. Yau kuwa matashi zai samu lambar Alhaji, ya tura masa saƙon murya na minti bakwai, ya zauna yana jiran amsa. Shi bai kashe komai ba, amma ya ɗora wa mutum aikin saurare da tunani da ba da amsa, a ranar da wataƙila motarsa ta lalace a hanyar Jebba da kaya a ciki.

Abu na farko shi ne zaɓen wanda za ka tambaya. Kowa idonsa na kan mutumin da ya fi kowa suna a kasuwa, alhali shi ne ya fi kowa ƙarancin lokaci, kuma ya daɗe da barin matakin da kake. Mai sauke tirela yana tunanin kuɗin mota da farashi a Aliyaro ko Sakkwato, kai kuma matsalarka ita ce yadda za ka sayar da buhu guda kafin ya lalace. Wanda zai fi yi maka amfani shi ne wanda ya riga ka da taki biyu ko uku, mai ɗaukar buhu goma ko ashirin, wanda bai manta wahalar kasa kaya a faranti ba. Kafin ka je gare shi, ka yi tambaya biyu a bayan idonsa. Shin akwai yaransa da suka tsaya da ƙafafunsu? Shin masu kawo masa kaya suna dawowa gare shi kowace shekara? Mutumin da ya shekara ashirin a kasuwa bai yaye kowa ba, ko ya ba ka lokaci, ba lallai ya ba ka hanya ba. Sannan ka samu wanda ya sani ya gabatar da kai, ko ɗan garinku ko wani yaronsa, domin a wurinmu fuskar wanda ya kawo ka tana gaba da bayaninka.

Abu na biyu shi ne abin da za ka roƙa. Kada ka buɗe baki da "Alhaji ina so ka zama ubangidana." Wannan magana ba ta da iyaka, mutum bai san ko kuɗi kake nufi, ko wurin kwana, ko ya tsaya maka a wajen 'yan sanda ba, don haka zai ce maka "to, za mu duba," shi ke nan. Ubangida ba nadi ake masa ba, zama yake yi a hankali bayan tambaya ta biyar ko ta goma. Ka je da tambaya guda wadda za a iya amsawa a tsaye, kuma wadda ba za ka iya samun amsarta da ƙafarka ba. Farashin buhu a yau ba tambayar babba ba ce, zagaya kasuwa na rabin awa zai ba ka shi.

Ga misali, kuma kuɗin da zan ambata na lissafi ne kawai, domin farashi ba ya tsayawa wuri guda. A ce wani matashi yana kasa albasa a Agege, jarinsa naira 300,000, yana sayar da buhu guda a kwana huɗu. Watan Afrilu ne, sabuwar albasa ta cika kasuwa, buhu yana 50,000, an kuma ce masa idan zai ɗauki biyar za a bar masa a 48,000. Ya zauna ya yi lissafinsa kafin ya nemi kowa. Ragin buhu biyar ya kama 10,000. Idan yana ɗaukar bibbiyu zai je kasuwa sau uku, idan ya ɗauki biyar sau ɗaya zai je, kuma kowane zuwa yana cin 3,000, wato ya sake tsira da 6,000. Jimla 16,000. Abin da bai sani ba shi ne ko albasar za ta kai kwana ashirin a hannunsa lafiya. Wannan ita ce tambayar da ta cancanci babba.

Bai je da sassafe ba, lokacin da ake sauke kaya, dillalai da masu saye sun yi wa mutum caa. Ya tambayi yaron rumfar lokacin da Alhaji ke sararawa, aka ce masa bayan azahar. Ya je, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce: "Baba, wane ne ya turo ni. Ba kuɗi na zo nema ba, tambaya ɗaya gare ni. Ina sayar da buhu a kwana huɗu, an yi mini ragin dubu biyu-biyu idan na ɗauki biyar. In ɗauka, ko in tsaya a biyu?" Ka duba abin da ya yi. Ya cire wa mutumin fargabar roƙo tun a jimlar farko, ya ba shi adadi, ya kuma ajiye masa zaɓi biyu.

Wanda ya san harka zai mayar masa da tambaya: "Yaro, ina kake ajiyewa?" Idan amsar ita ce ɗakin kwana mai taga ɗaya, buhu a kan siminti, to magana ta ƙare. Albasa tana son iska da bushewa, ga shi damina na shigowa a Legas a wannan lokacin, laimar iska kuma tana sa ta tsiro ko ta ruɓe daga wuya, wadda ta ruɓe kuma tana shafar ta kusa da ita. Zai ce masa ya tsaya a biyu, ya zazzage su ranar da ya kawo, ya ware masu rauni ya fara sayar da su, ya baza sauran a kan katako, ya riƙa danna wuyan da yatsa, wadda ya ji ta yi laushi ya fitar. Da ya ɗauki biyar, ko da kashi ɗaya cikin huɗu na buhu biyun ƙarshe ne kawai ya lalace, rabin buhu ke nan, wato 24,000, asarar da ta haɗiye 16,000 ɗin da ya yi murnar samu har da ƙari. Duk wannan bai ci wa Alhaji minti biyar ba, kuma abin da babba ya hango yana zaune ke nan.

Abu na uku, wanda yawancinmu ke tsallakewa, shi ne komawa da labari. Bayan mako biyu matashin ya biya ta rumfar, ko ya tura saƙo gajere: "Baba, na yi yadda ka ce, abin da na zubar bai kai kwano guda ba. Allah ya saka da alheri." Bai haɗa da sabuwar buƙata ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma babu abin da ke sa babba ya sake buɗe baki kamar ganin maganarsa ta yi aiki. Ko da ba ka bi shawarar ba, ka koma ka faɗa masa dalili cikin ladabi, ya fi ya ji a bakin wani. Idan ka samu dama ka rage masa wani aiki, ka yi: ka tsaya a rumfa ya je salla, ka taya yaransa tsince kaya, ka gaya masa yadda farashi yake a unguwarku. Wannan shi ne guntun tsohon tsarin da ya rage a hannunmu.

Akwai alamun da ke nuna ka fara yin nauyi. Amsarsa ta koma "to" da "Allah ya taimaka." Ya fara haɗa ka da yaronsa. Kira biyu bai ɗauka ba, bai kuma biyo baya ba. Idan ka ga haka, kada ka ƙara kira, kada ka yi filashin, kada kuma ka shiga WhatsApp kana rubuta "sallama" kaɗai kana jiran ya amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka ba shi mako biyu ko uku. Haɗa ka da yaronsa ma ba wulaƙanci ba ne, sau da yawa yaron ya fi shi sanin amsar ƙananan tambayoyinka. Sannan ka raba tambayoyinka, kada mutum guda ya zama shi ne mai ba ka shawarar ciniki, da ta haya, da ta rigimar masu karɓar haraji.

Na san wani zai ce duk wannan tsari na me, ai namu ne, baƙunta ta haɗa mu, hakkinmu ne a kansa. Gaskiya ne akwai hakkin zumunci, kuma akwai manyan da ke ɓoye hanya don kada a kamo su. Amma hakkin da kake ji kana da shi, matasa hamsin suna jin suna da irinsa a kan mutum guda, shi kuma awoyinsa ba su ƙaru ba. Wanda ya zo da tambaya a shirye shi ne ke barin wuri ga na bayansa. Haka batun kuɗi. Ranar da ka cusa roƙon jari a cikin neman shawara, daga ranar duk gaisuwarka za a riƙa sauraronta ana jiran inda za ta ɓulle. Ka bari ya ga yadda kake riƙe buhu biyu, wata rana shi da kansa zai ce a ba ka biyar ka sayar ka kawo.

Ku kuma iyayenmu manya, muna roƙon abu guda. Idan ba ku da lokaci, ku faɗa a fili, ku ce "zo ranar kaza bayan la'asar," ko "je wurin wane, ka ce ni na turo ka." Wannan ya fi "za mu duba" da ke sa yaro zirga-zirgar wata guda yana ƙona kuɗin mota. Allah ya sa albarka a nemanmu.