Kafin a ɗora wa basir alhakin kowane jini

A ƙasar Hausa babu ciwon da ake ɗora wa laifi kamar basir. Ciwon baya basir ne, kasala basir ce, raunin mazakuta ma shi ne, kuma mai magani da lasifika a tasha yana da garin da zai wanke su duka. Abin da ya fi damuna a zancen masu maganin shi ne cewar da suke yi idan jini ya fito, basir ne ya fashe, an kusa samun sauƙi.

Basir a wurin likita abu ne takamaimai. Jijiyoyin jini ne da ke bakin dubura da ɗan cikinta suke kumbura saboda matsi, galibi daga yawan nishi wajen bayan gida mai tauri, da daɗewa a tsugune, da juna biyu. Na ciki ba ya cika ciwo, sai dai ya zubar da jini ko ya leƙo waje. Na waje shi ne mai ƙaiƙayi da zafi.

A ce direban mota ne ya kwana uku bai yi bayan gida ba, abincinsa burodi da shayi da taliya, yana kuma ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da shi a hanya. Ya yi nishi sosai, washegari ya ji wani kumburi mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa, zama ya gagara. Yawanci jini ne ya daskare a cikin jijiyar waje. Zafin yakan kai matuƙa a kwana biyu zuwa uku na farko, sannan ya fara sauka, kumburin kuwa yakan ɗauki makonni kafin ya saɓe.

Abin da zai yi a gida shi ne ya zuba ruwan ɗumi a baho, ɗumin da gwiwar hannu za ta jure, ya zauna minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, musamman bayan ya fito daga bayi. Ruwa zalla ya isa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanwa da barkono da wasu ke zubawa ƙona fatar suke yi, su ƙara ƙaiƙayin. Idan ya tashi ya dangwale wurin da tsumma mai laushi, kada ya goge. Farasitamol ya wadatar wa zafin; taramol da kodin kuwa ɗaure ciki suke yi, su mai da hannun agogo baya.

Ruwan ɗumi lallashi ne kawai. Gyaran yana cikin akushi, domin muddin bayan gida na da tauri, kumburin zai dawo. Hanji yana son abinci mai harza, kuma muna da shi a ƙofar gida: wake, zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, gwanda, da gero ko dawar da ba a surfe ƙal ba. Dusar da muke ba awaki ita ce hanjinmu ke nema. A ƙara a hankali cikin mako biyu, don wanda ya auka wa wake dare ɗaya kumburin ciki zai sa ya gudu. Harza kuma ba ta aiki sai da ruwa, kimanin lita biyu a yini, wato leda huɗu ta ruwan sha, fiye da haka a zafin Maris da Afrilu. Wayar hannu ta tsaya a ɗaki, bayi ba wurin karatu ba ne.

Sai batun jinin. Na basir ja ne wur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki, ba ya cakuɗa da bayan gida. Idan ya zo da zafi kamar yankan reza, an fi zaton tsagewar fatar dubura ce. Amma jinin da ya yi duhu, ko ya gauraya da bayan gida, ko ya zo da majina, daga sama yake fitowa. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari, ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, na asibiti ne a ranar. Haka jini mai gudaji ko mai haɗe da jiri, haka kumburi mai zogi da zazzaɓi, wanda ƙila ƙurji ne da ke buƙatar a fasa.

Akwai kuma alamun da ba sa ihu: gudawa ko taurin ciki da suka sauya wa mutum tsarinsa na makonni, rama ba dalili, tafin hannu ya yi fari, ko tarihin sankarar hanji a dangi. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, da duk wanda ya haura shekara 40 ya fara ganin jini, da wanda jininsa ya wuce mako guda duk da gyaran abinci, ya kai kansa a duba shi. Mutum yana iya samun basir da sankara a lokaci guda, ganin na farkon ba ya kore ta biyun.

Na san kunya ce ke tsare mutane. Dubawar mintuna kaɗan ce: ka kwanta ta gefe, likita ya duba da yatsa cikin safar hannu, sannan da ɗan gajeren bututu. Idan bai gamsu ba, sai ya tura ka a leƙa hanjin gaba ɗaya da na'ura mai kyamara. Mace tana da ikon ta nemi mace ta duba ta, ko wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin.